Yadda Ake Sa Ido Kan Saƙonnin Gargaɗin Saba, da Wanda Za Ka Kira Idan Sun Taru

A ofisoshi da yawa a nan Zariya, daga Samaru har Sabon Gari, wanda aka ba aikin duba akwatin imel ɗin da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi ko bayanan ofis, ke turo gargaɗi ba shi ne mai gyara ba. Yawanci sabon ma'aikaci ne, ko ɗalibin da ya zo koyon aiki, ko ɗan bautar ƙasa. Abin da ake so daga gare shi shi ne ya ga matsala da wuri, ya gane ta wane ne, ya sanar da shi ta yadda zai tashi ya kama aiki ba tare da dogon tambaye-tambaye ba. Saƙo guda ɗaya ba ya ba kowa wahala. Inda aikin ke cakuɗewa shi ne sa'ad da ka buɗe akwati ka tarar da hamsin sun jeru, kowanne yana cewa wani abu ya mutu. A irin wannan lokaci kusan kullum matsalar guda ɗaya ce, sauran saƙonnin kukan abubuwan da suka dogara da ita ne. Idan ka iya zaƙulo wannan guda ɗayar, ka san lambar da za ka kira.

Zan yi misali da Nagios, domin tsohuwar manhajar sa ido kan saba ce da har yanzu ake samu a wurare da yawa, kuma saƙonninta suna da sauƙin karantawa. Idan wurinku Zabbix ake amfani da shi ko Alertmanager, kalmomin ne za su bambanta, hanyar ɗaya ce.

Kafin komai ya lalace: takardar masu alhaki

Ranar farko da aka ba ka wannan aiki, ka nemi shugaban sashe ya zauna da kai ku rubuta takarda guda. A kowane layi a sa sunan saba kamar yadda yake fitowa a imel, aikin da take yi, injiniyan da ke da alhakinta, lambar wayarsa, da wanda za a nema idan ba a same shi ba. A ƙara abu ɗaya da ake yawan mantawa da shi: wannan saba da me ta dogara? Sabar shafin intanet ta dogara da sabar rumbun bayanai. Dukansu sun dogara da na'urar da ke raba musu layin netwok. Ita kuma ta dogara da wuta, da inbata, da janareta. Mai kula da janareta ma a sa lambarsa, domin wani dare shi ne mutumin da ake bukata.

Ka buga takardar ka liƙa a bango, ka ɗauki hotonta a wayarka. Idan ka ajiye ta a cikin saba kaɗai, ranar da kake matuƙar bukatarta ba za ta buɗu ba.

A wannan zaman ne kuma za ku tsayar da ƙa'idar lokaci: wane irin saƙo ne ya isa a tashi mutum daga barci, kuma minti nawa za ka jira kafin ka wuce zuwa na gaba. Ka nace a rubuta, shugaba ya sa hannu. Ƙaramin ma'aikaci yana jin nauyin buga wa babba waya da tsakar dare, kuma wannan kunyar ta sa an yi asarar awanni masu yawa. Idan a rubuce yake cewa aikinka ne ka kira, ba wanda zai ce ka yi rashin ladabi.

Gyara akwatin

Kada saƙonnin saba su cakuɗu da na taro da gaisuwa. Idan Gmail kuke amfani da shi, ka yi matattara biyu, kowace da tambarinta. Adireshin da ke ƙasa misali ne, ka sa na wurinku:

```
from:nagios@example.org subject:(CRITICAL OR DOWN)
from:nagios@example.org subject:RECOVERY
```

Ta farko ka sa wayarka ta riƙa yin ƙara idan saƙo ya shigo cikinta. Ka kuma zaɓi `Never send it to Spam`, domin saƙonni masu kama da juna da ke zuwa a jere su ne irin waɗanda matattarar shara ke kamawa. Sannan ka kashe `Conversation view`. Idan yana kunne, Gmail na tattara saƙonni masu kai iri ɗaya a layi guda, sai ka ga layi huɗu alhali saƙo arba'in ne, kuma jerin lokacinsu ya ɓace maka, wanda shi ne abin da za ka fi bukata nan gaba.

Ko ƙara ba ta tashi ba, ka riƙa leƙawa da idonka. A lokacin da jama'a ke tururuwa a shafi, kamar makon rajista ko ranar biyan albashi, duk minti 15 bai yi yawa ba.

Karanta kan saƙo

Kan saƙon Nagios, idan ba a canza shi ba, haka yake zuwa:

```
** PROBLEM Service Alert: db01/Disk is WARNING **
** PROBLEM Host Alert: web02 is DOWN **
** RECOVERY Service Alert: db01/Disk is OK **
```

`PROBLEM` na nufin an samu matsala, `RECOVERY` kuma abin ya dawo daidai. `Host Alert` yana nufin na'urar gaba ɗayanta ba ta amsawa. `Service Alert` kuwa na'urar tana nan da rai, wani aiki guda a cikinta ne ya samu matsala. `WARNING` an kusa kai wa gaɓa, `CRITICAL` an ƙetare ta. `UNKNOWN` na nufin gwajin ne ya kasa samun amsa mai ma'ana, wanda sau da yawa matsalar manhajar sa idon ce. Akwai kuma `UNREACHABLE`, kalma mai amfani ƙwarai: Nagios na cewa bai iya kai wa ga wannan na'ura ba saboda wata da ke kan hanyar zuwa gare ta ta faɗi. Amma wannan na fitowa ne kawai idan an tsara masa wace na'ura ce ke gaban wace. Inda ba a tsara ba, duka za su zo da `DOWN`, kai ne za ka rarrabe.

Abu biyu ka riƙe. Na farko, Nagios ba ya turo saƙo a gwajin farko da ya gaza, sai ya maimaita wasu 'yan lokuta ya tabbatar. Ke nan matsalar ta riga saƙon da 'yan mintuna. Na biyu, muddin ba a gyara ba, yana sake turo saƙon bayan wani tsayayyen lokaci. Saboda haka a tarin da ka gani, da yawa tunatarwa ce a kan abu guda.

Idan sun taru

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata cibiya ce a Tudun Wada mai shafin rajista, da sabar shafi uku, `web01` zuwa `web03`, da sabar rumbun bayanai guda, `db01`, mai faifan ajiya na gigabait 200. Daren Juma'a ne, ba wanda ya leƙa akwati tun da aka tashi aiki da yamma. Ka buɗe da ƙarfe 12:30 na dare ka tarar da tari.

Matakin farko, kada ka fara daga sama. Na sama su ne sababbi, kuma sababbi su ne kukan da ya biyo baya. Ka gangara ƙasa har sai ka kai ga lokacin da komai ke lafiya, sannan ka fara karantowa sama.

Lokacin da za ka bi shi ne wanda ke cikin saƙon, a layin `Date/Time`, ba wanda Gmail ya nuna a gefe ba. Dalili kuwa, idan layin intanet na ofis ya yanke, saƙonni na taruwa a sabar aikawa, da zarar layi ya dawo sai su kwararo gaba ɗaya a minti guda, a hargitse. Ka kuma duba ko an rubuta `UTC` ko `WAT` a jikin lokacin. Sabobi da yawa agogon `UTC` suke bi, kuma agogonmu na gaba da shi da awa ɗaya. Wanda bai lura ba, sai ya gaya wa injiniya abu ya faru ƙarfe 11 alhali 12 ne, injiniya ya ɓata lokaci yana bincike a inda ba komai.

Mataki na biyu, ka ɗauki takarda da biro ka rubuta kowace matsala sau ɗaya tak, da lokacin da ta fara bayyana. Duk wadda ka ga `RECOVERY` nata daga baya, ka soke ta. Tarin zai koma 'yan layuka kamar haka:

```
18:05  db01/Disk   WARNING   /var 40100 MB (19%)
21:05  db01/Disk   CRITICAL  /var 20300 MB (9%)
00:14  db01/MySQL  CRITICAL  Too many connections
00:16  web01/HTTP  CRITICAL  500
00:16  web02/HTTP  CRITICAL  500
00:17  web03/HTTP  CRITICAL  500
```

Yanzu labarin ya fito fili. Faifan `db01` ya yi ta cika tun yamma. Da ya cika, MySQL, wato manhajar rumbun bayanan, ya rasa inda zai rubuta. Idan haka ta faru, MySQL yakan dakata yana jiran a samu wuri, buƙatun da ke shigowa kuma su yi ta jeruwa a bayansa har adadin haɗin da aka yarda masa ya ƙare, shi ne `Too many connections`. Sabobin shafi uku suka nemi bayanai ba su samu ba, suka fara mayar wa jama'a lambar kuskure 500. Su ne suka fi kowa ƙara a akwati a wannan lokacin, su ne kuma jama'a ke gani, amma lafiyarsu ƙalau. Kamar famfunan gida ne da suka ƙafe a tare: ba ka kwance famfo, tanki za ka hau ka duba. Idan ka kira injiniyan shafi, zai tashi, ya kunna kwamfuta, ya yi bincike, bayan rabin awa ya ce maka ba wurinsa ba ne. Wanda za ka kira shi ne mai alhakin `db01`.

Ka sake duba layuka biyun farko, domin akwai lissafin da ya kamata a yi tun ƙarfe 9:05. Daga 6:05 zuwa 9:05, awa uku, wurin da ya rage ya sauko daga megabait 40100 zuwa 20300. Wato kusan 6600 ke tafiya kowace awa. Idan ka raba 20300 da 6600, za ka samu awa uku da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ya yi wannan lissafi a lokacin ya san faifan zai cika jim kaɗan bayan sha biyun dare, kuma zai kira injiniya bayan sallar isha'i, yana farke, shafi bai faɗi ba. Ni a ganina wannan shi ne mafi darajar abin da mai sa ido zai iya yi. Kaso cikin ɗari shi kaɗai ba ya gaya maka gaggawa. Faifan da ya yi wata shida a kan saura kashi 9 zai iya jiran safiya. Wanda ya ci kashi 10 cikin awa uku ba zai kai asuba ba.

Wani tarin kuma siffarsa daban ce, kuma da ka gan shi za ka gane. Idan na'urori da ba su da wata alaƙa ta aiki, sabar imel da ta rajista da ta kyamarori, duka suka zo da `Host Alert` da `DOWN` cikin minti biyu ko uku, to ka tambayi kanka me suka haɗa. Idan ɗaki ɗaya suke, wuta ce: an ɗauke, janareta bai tashi ba, batir ya ƙare. Idan gini ɗaya suke amma wuta na nan, ko kuma ka ga ɗaya `DOWN` sauran `UNREACHABLE`, layin netwok ne, kuma wadda ke da `DOWN` ɗin ita ce inda ya yanke. Wannan na mai netwok ne. Akwai kuma wanda za ka ga `PROBLEM`, `RECOVERY`, `PROBLEM`, `RECOVERY` a kan abu guda. Kada `RECOVERY` na ƙarshe ya kwantar maka da hankali. Abin na tangal-tangal ne, ka kai rahotonsa ga mai shi da adadin faɗuwar da lokutanta.

Tabbatarwa, cikin minti biyar

Kafin ka ɗaga waya, ka gani da idonka, amma kada ka wuce minti biyar. Ka buɗe shafin a wayarka da datarka, ba da layin ofis ba, don ka ga abin da mutumin waje ke gani. Ka buɗe allon Nagios ka ga halin da ake ciki yanzu, domin imel tarihi ne. Ka duba ko akwai sanarwar gyara da aka tsara a daren. Idan an ba ka izinin shiga don dubawa kawai, waɗannan sun isa:

```
ping -c 4 db01
df -h /var
df -i /var
```

Na farko zai nuna ko na'urar na amsawa. Sauran biyun sai ka shiga cikin `db01` ɗin za ka buga su. Na biyu, yawan wurin da ya rage. Na uku yana kama wata matsala mai ruɗarwa, inda wuri yana nan amma yawan ƙananan fayiloli ya ƙarar da gurbin da ake rajistarsu.

A nan za ka tsaya. Kada ka goge komai, kada ka kashe saba ka kunna. Idan ka leƙa ka ga manyan fayiloli irin su `binlog.000412`, zuciya za ta raya maka ka share su a samu wuri. Waɗannan rajistar canje-canjen MySQL ce, ana dogara da su wajen kwafe bayanai zuwa wata saba da kuma dawo da su bayan ɓarna, kuma akwai hanyar da injiniya ke bi ya rage su daga cikin MySQL ɗin kansa. Share su da hannu na iya mayar da matsalar awa ɗaya ta koma ta kwanaki.

Kiran

Idan jama'a ba sa iya amfani da shafi, ko lissafinka ya nuna abu zai faɗi kafin a dawo aiki, waya ake bugawa. Tura wa injiniya imel hamsin ɗin da ka tarar ba sanarwa ba ce, jefa saƙo a zauren WhatsApp na ma'aikata ma haka, domin kowa zai ɗauka wani ya gani. Mutum ɗaya za ka kira da sunansa. Ka shirya maganarka a takarda kafin ya ɗauka, domin daga barci zai tashi:

"Salamu alaikum, Injiniya, a yi haƙuri da tashin dare. Daga wurin sa ido ne. Faifan `db01` ya cika, MySQL ya daina karɓar haɗi tun 12:14, shafin rajista kuma ba ya buɗuwa, na gwada da wayata. Ban taɓa komai ba."

"Tun yaushe faifan ya fara kuka?"

"Tun 6:05 na yamma, ranka ya daɗe. Yana cin kusan gigabait shida da rabi a awa."

"To, na ji. Ba ni minti goma in hau."

Wannan kalma ta ƙarshe ita kake nema. Sai ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓa, sannan alhakin ya bar hannunka. Mutum na iya ɗaga waya cikin magagi ya ce "to" ya koma barci, saboda haka idan minti goman ta wuce ba ka ga alamar ya hau ba, ka sake kira. Da kun gama magana, ka tura masa 'yan layukan nan shida a rubuce, ka buɗe tikiti idan kuna da tsarinsa. Ka kuma aika wa injiniyan shafi gajeren saƙo cewa gargaɗin sabobinsa daga `db01` ne, ana kai, don kada ya farka ya fara nasa binciken.

Idan bai ɗauka ba, ga tsarin da nake ba da shawara, sai dai in wurinku ya tsayar da wani: ka kira sau biyu a jere, ka tura saƙon tes na waya, wanda ke shiga ko mutum ya kashe data, ka jira minti biyar ka sake kira, ka gwada layinsa na biyu. Minti 15 ta cika ba amsa, ka wuce ga mataimakinsa. Minti 30, shugaban sashe. Kowane kira ka rubuta lokacinsa. Wuce mutum ba ƙararsa ka kai ba. Wataƙila yana hanyar Kaduna inda sabis ke yankewa, ko wayarsa ba caji.

Bayan ya karɓa, ka shiga Nagios ka danna `Acknowledge this service problem`, ka rubuta wanda ke kai da lokaci. Wannan zai dakatar da tunatarwar, akwati ya lafa, ta yadda idan wata sabuwar matsala ta ɓullo za ka gan ta. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne `Disable notifications`. Wanda ya danna shi cikin dare yakan manta, sabar kuma ta yi shiru har ranar da ta mutu ba wanda ya sani.

Kada ka rufe batun don injiniya ya ce ya gama. Ka jira `RECOVERY` na kowane layi a takardarka, ka soke su ɗaya bayan ɗaya. Idan `db01` ta dawo, `web01` da `web03` suka dawo, `web02` ta ƙi, to yanzu wannan matsala ce mai zaman kanta, kuma yanzu ne lokacin kiran injiniyan shafi.

Idan akwati ya yi tsit

Saura abu ɗaya da ya fi tarin saƙo haɗari a wuri irin namu da wuta ba ta da tabbas. Idan sabar da ke sa idon tana ɗaki ɗaya da waɗanda take gadi, wutar da ta kashe su ta kashe ta, ba kuwa saƙon da zai fito. Haka idan layin intanet na ofis ne ya yanke. Akwatin da ya saba samun saƙo jefi-jefi, idan ya yi awanni ba motsi, ka yi zarginsa.

Maganinsa a sa manhajar ta riƙa turo saƙon "ina nan" a kan tsayayyen lokaci, a ce duk awa. Masu amfani da Prometheus da Alertmanager sukan yi haka da wani gargaɗi mai suna `Watchdog`, wanda aka tsara ya kasance kunne kullum. Ka roƙi mai kula da manhajar sa idon ya yi muku irinsa, ka ba shi tambarinsa daban a Gmail. Idan na ƙarfe 2 bai zo ba har 2:10, ka gwada buɗe allon Nagios da shafin rajista da datarka. In duka biyun sun ƙi buɗuwa, ka fara da kiran maigadi ko mai janareta ka tambaye shi ko akwai wuta a ɗakin saba, sannan ka bi takardarka daga nan.